Bashi ko Hannun Jari: Tambayoyi da Amsoshi kan Ƙa'idar Modigliani da Miller

Waɗannan tambayoyi ne da ɗaliban akanta da na harkar kuɗi suke yawan maimaitawa idan an iso kan ƙa'idar Modigliani da Miller. An jera su ne yadda hujjar take tafiya, kowace amsa na hawa kan wadda ta gabace ta. Misali ɗaya za mu riƙe tun daga farko har ƙarshe, saboda haka wanda ya rasa inda wani adadi ya fito sai ya koma tambaya ta 3.

1. Me ƙa'idar take cewa a taƙaice?

Kamfani yana samun jarinsa ta hanya biyu: ko ya sayar da hannun jari, ko ya ci bashi. Yadda ya gauraya su shi ake kira tsarin jarinsa. A shekarar 1958 Franco Modigliani da Merton Miller, waɗanda a lokacin suke koyarwa a Carnegie Institute of Technology da ke Pittsburgh a Amurka, suka buga maƙala a mujallar American Economic Review suna cewa idan wasu sharuɗɗa suka cika, wannan gaurayen ba ya ƙara wa kamfani daraja ko kwabo, ba ya kuma rage masa. Abin da ke yanke darajarsa shi ne kuɗin da kadarorinsa suke samarwa da irin kasadar da ke tattare da samun kuɗin.

Wanda ya taɓa shiga watanda ya san wannan. In an yanka sa, ko kashi goma aka yi ko ashirin, ko an ware wa wani cinya tun kafin a fara rabo, naman dai shi ne. Bashi da hannun jari hanyoyin rabo ne kawai. A 1963 malaman biyu suka fitar da gyara, inda suka nuna cewa da zarar harajin kamfani ya shigo, bashi yana ƙara daraja, kuma suka faɗi nawa. Modigliani ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1985, Miller kuma a 1990.

2. Waɗanne sharuɗɗa ne sai sun cika?

Babu haraji. Saye da sayarwa a kasuwar hannun jari ba sa cin kuɗi. Mutum ɗaya zai iya cin bashi da kuɗin ruwa daidai da wanda ake ba kamfani. Kowa ya san abin da manajoji suka sani. In kamfani ya kasa biya, kadarorinsa suna komawa hannun masu binsa bashi ba tare da an yi asarar komai wajen shari'a ko gwanjo ba.

Sai sharaɗin da aka fi mantawa da shi, alhali shi ne ginshiƙi: ayyukan kamfanin ba sa canjawa. Injinan da zai saya da kasuwar da zai shiga duk an riga an yanke su, ko da wane kuɗi za a yi. Idan bashin ne ya ba shi damar sayen sabon inji mai kawo riba, to injin ne ya ƙara darajar, kuma wannan wata magana ce daban.

3. Ina hujjar? Don me kamfani mai bashi ba zai fi daraja ba?

Mu ɗauki kamfanoni biyu na casar shinkafa, A da B, injinansu iri ɗaya, kasuwarsu ɗaya. Kowanne ana sa ran zai riƙa samun naira miliyan 20 a shekara kafin a cire kuɗin ruwa, haka har abada, kuma yana rabar da ita duka. A ba shi da bashi, kuma masu zuba jari suna neman kashi 20 cikin 100 a kan irin wannan kasada, saboda haka darajarsa miliyan 100 ce. B ya ci bashin miliyan 50 a kan kashi 10, yana biyan miliyan 5 a shekara, miliyan 15 ta rage wa masu hannun jari. (An zaɓi alƙaluman ne don lissafi ya fita sumul, wanda ya nemi bashin banki a Najeriya a 'yan shekarun nan ya san kashi 10 mafarki ne.) Ƙa'idar ta ce hannayen jarin B dole su tsaya a miliyan 50, domin a haɗa da bashin a samu 100.

A ce kasuwa ta saɓa, ana sayar da su miliyan 60, wato darajar B ta zama 110. Wata 'yar kasuwa tana da kashi 10 na hannayen jarin B, tana karɓar miliyan 1.5 a shekara. Sai ta sayar ta karɓi miliyan 6, ta ci bashin miliyan 5 da sunanta a kan kashi 10, ta sayi kashi 10 na kamfanin A da miliyan 10. Yanzu A yana ba ta miliyan 2, ta biya kuɗin ruwa naira dubu 500, ya rage mata miliyan 1.5 kamar da. Ga kuma miliyan 1 a jakarta. Ba a shekarar da aka yi daidai kaɗai ba: ko ribar kamfanonin ta hau ko ta sauka, abin da take samu yana nan daidai da wanda za ta samu a B, tunda kason bashin da ke kanta shi ne kason da B ya ɗauka a madadinta. Kowa ya ga wannan garaɓasa zai bi sahu, a yi ta sayar da B ana sayen A har farashin ya daidaita.

Haka in abin ya juya, hannayen jarin B suka faɗi zuwa miliyan 40. Mai kashi 10 na A sai ya sayar a miliyan 10, ya sayi kashi 10 na hannayen jarin B da miliyan 4, ya sayi kashi 10 na takardun bashin B da miliyan 5. Zai riƙa karɓar miliyan 1.5 daga nan, dubu 500 daga can, jimilla miliyan 2 kamar da, ya kuma tsira da miliyan 1. Gundarin hujjar ke nan: ba wanda zai biya kamfani lada don ya yi masa abin da shi ma zai iya yi da kansa, ko cin bashin ne ko warware shi.

4. Amma bashi ya fi hannun jari arha. Ta yaya ƙara abu mai arha ba zai rage tsadar jari ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace kayar da mutane, kuma rabinta gaskiya ne. Bashi a misalinmu kashi 10 ne, hannun jari kashi 20. Kuskuren shi ne ɗaukar cewa kashi 20 ɗin zai zauna inda yake bayan an ci bashi.

Dubi shekara biyu, mai albarka da ta ƙunci. A mai albarka kowane kamfani ya samu miliyan 32, a ta ƙunci miliyan 8, tsakatsakinsu 20 ke nan. Mai hannun jari a A yana samun kashi 32 ko kashi 8 a kan jarinsa. A B kuwa sai an fara cire miliyan 5 ta masu bashi, ko ana ruwa ko ana fari. Abin da ya rage, miliyan 27 ko miliyan 3, a kan jarin miliyan 50, shi ne kashi 54 ko kashi 6. Tazarar da ke tsakanin shekarun biyu maki 24 ce a A, ta zama 48 a B. Kasadar kasuwancin ba ta ƙaru ba, an dai tattara ta ne a kan rabin kuɗin da ke ɗauke da ita a da. Mai hankali ba zai karɓi ninkin kasada a tsohon farashi ba, shi ya sa abin da yake nema ya tashi zuwa kashi 30, wato miliyan 15 a kan 50. Wannan ita ce magana ta biyu ta ƙa'idar:

```
rE = r0 + (r0 - rD) × (D / E)
rE = 20 + (20 - 10) × (50 / 50) = 30
```

A nan rE abin da masu hannun jari ke nema ne, r0 abin da za su nema in babu bashi, rD kuɗin ruwa, D darajar bashi, E darajar hannayen jari. Yanzu a haɗa: rabin jarin B yana cin kashi 10, rabi yana cin kashi 30, matsakaici kashi 20, daidai da na A. Duk rangwamen da aka samu wajen masu bashi an mayar da shi wajen masu hannun jari.

5. To ribar da ke faɗa wa kowane hannun jari fa? Ai tana ƙaruwa.

Tana ƙaruwa, muddin kamfani yana samun abin da ya fi kuɗin ruwan da yake biya. In hannun jari ɗaya naira 100 ne a kamfanonin biyu, na A yana kawo naira 20, na B naira 30. Amma farashinsu ɗaya, domin 20 da aka auna da kashi 20 da 30 da aka auna da kashi 30 duk naira 100 suke bayarwa. Manajan da ya zo taron shekara yana taƙama da cewa ribar kowane hannun jari ta haura bayan cin bashi, a tambaye shi abin da zai faru a shekarar ƙunci. Amsar tana tambaya ta 4.

6. Me ke canjawa idan haraji ya shigo?

Wani mai kaso na uku ya zauna wurin rabo, wato gwamnati. Kuma dokar haraji a yawancin ƙasashe tana bambanta masu kason biyu na farko: kuɗin ruwa ana cire shi a matsayin ɗawainiyar kasuwanci kafin a lissafa haraji, ribar masu hannun jari kuwa sai bayan an cire haraji ake raba ta.

Mu sa kashi 30, adadin da manyan kamfanoni a Najeriya suka daɗe suna biya. A ya samu miliyan 20, ya biya haraji 6, masu jarinsa suka tashi da 14. B ya samu 20, ya cire kuɗin ruwa 5, aka yi masa haraji a kan 15, ya biya 4.5, masu hannun jari suka samu 10.5. A haɗa da miliyan 5 ta masu bashi, waɗanda suka sa kuɗinsu a B gaba ɗaya sun karɓi miliyan 15.5. Bambancin miliyan 1.5 ne kowace shekara, kuma ba daga injin casa ya fito ba. Kashi 30 ne na kuɗin ruwan, wanda da gwamnati ce za ta karɓa.

Lura cewa dabarar 'yar kasuwar nan ta tambaya ta 3 ba za ta goge wannan bambanci ba. In ta ci bashi da sunanta ta sayi A, an riga an cire wa A cikakken haraji kafin kuɗin ya iso hannunta. A nan kamfani yana yi mata abin da ba za ta iya yi wa kanta ba, saboda haka ya cancanci ta biya ƙari.

7. Nawa ne ƙarin darajar, kuma daga ina aka samo harajin sau bashi?

Darajar A bayan haraji ita ce miliyan 14 a auna da kashi 20, wato miliyan 70. B yana da wannan, yana kuma da rarar miliyan 1.5 duk shekara. Abin tambaya shi ne da wane ma'auni za a auna rarar. Hujjar 1963 ta ce muddin bashin na dindindin ne kuma adadinsa ba ya motsi, rarar tana zuwa ne duk lokacin da aka biya kuɗin ruwa, don haka tabbacinta ɗaya da na bashin, a auna ta da kashi 10. Miliyan 1.5 a raba da kashi 10 ya ba da miliyan 15. Da yake kuɗin ruwan ya shiga lissafin a sama ya kuma shiga a ƙasa, sai ya fice, a bar haraji sau bashi:

```
VL = VU + T × D
VL = 70 + 0.30 × 50 = 85
```

VL darajar kamfani mai bashi ce, VU ta marar bashi, T kuma harajin. Wannan zaɓin ma'auni shi ne ainihin abin da aka gyara a 1963. Maƙalar 1958 ma ta taɓo haraji, sai dai yadda ta auna rarar ya sa amfanin bashi ya fito ƙasa da haka.

Ga hanyar da za ka tabbatar ba a ƙirƙiri kuɗi daga iska ba. A kamfanin A masu jari suna da 70, kason gwamnati 30, jimilla 100. A B masu jari suna da 85, kason gwamnati ya sauko 15, jimilla 100. Ƙa'idar farko ba ta mutu ba ashe, tana nan ƙarƙashin ta biyu. Kuma ƙarin na masu hannun jari ne: in A ya ci bashin miliyan 50 ya raba musu, za su riƙe 50 a hannu da hannayen jari na miliyan 35, alhali da 70 suke da ita.

8. Yaya tsadar jari take bayan haraji?

Masu hannun jarin B suna samun miliyan 10.5 a kan 35, wato kashi 30. Dabarar lissafin ta tambaya ta 4 tana nan, an dai sassauta hawan da harajin:

```
rE = r0 + (r0 - rD) × (1 - T) × (D / E)
rE = 20 + 10 × 0.70 × (50 / 35) = 30
```

Bashin kuma, bayan an cire sauƙin haraji, kashi 7 yake ci wa kamfani, ba 10 ba. A auna kowanne da nauyinsa, 35 cikin 85 a kan kashi 30, 50 cikin 85 a kan kashi 7, matsakaicin ya fito kusan kashi 16.5. Ya sauko daga 20. Kana iya gwada shi ta wata hanya: miliyan 14 a raba da 85, amsar ɗaya ce. In hanyoyin biyu suka saɓa maka, akwai kuskure a lissafinka, kuma galibi nauyin ne aka ɗauko daga littafin akanta maimakon farashin kasuwa.

9. Ke nan kamfani ya ci bashi iya wuya?

In an bi lissafin tambaya ta 7 ido rufe, haka ne: kowace naira ta bashi tana ƙara kwabo 30, sai a yi ta ci har hannun jari ya kusa ƙarewa. Ba kamfanin kirki da ke yin haka, kuma su kansu marubutan sun yi gargaɗi kada a fahimce su haka. Dalilin shi ne sharuɗɗan tambaya ta 2 da muka ajiye gefe suna dawowa ɗaya bayan ɗaya yayin da bashi ke yin nauyi.

Koma ga B a shekarar ƙunci. Da bashin miliyan 50 ya biya 5 cikin 8, ya sha da ƙyar. Da bashinsa miliyan 90 ne, kuɗin ruwa 9 ake binsa, ga 8 a hannu. Tun kafin a kai kotu ɓarna ta fara: dillalan shanshera sun daina ba shi kaya sai da kuɗi hannu, ƙwararrun masu gyaran inji sun fara neman wani wuri, manajoji sun bar kasuwa suna zaryar banki, aikin da zai kawo riba an fasa shi don ribar wurin masu bashi za ta tafi. In ta kai ga gwanjo, inji ya tafi a wulaƙance, lauyoyi su ɗauki nasu. Wannan asara ce ta gaske, tana rage abin da za a raba. Daga nan aka gina ra'ayin cewa kamfani yana ƙara bashi ne har zuwa inda rarar haraji ta naira ta gaba ta yi daidai da ƙarin hatsarin durƙushewa. Shi ya sa kamfani mai gine-gine da kuɗin shiga tsayayye yake iya ɗaukar bashin da kamfanin da dukiyarsa basirar ma'aikata ce ba zai iya ba.

Akwai kuma iyakar da doka ta sa. Rarar ba ta samuwa sai akwai ribar da za a yi wa haraji; kamfanin da ke tafka asara, ko wanda aka ba hutun haraji, bashi ba ya rage masa komai a wannan shekarar. Amurka a dokar 2017 ta sauke harajin kamfani daga kashi 35 zuwa 21, ta kuma taƙaita kuɗin ruwan da za a iya cirewa. Najeriya ma a dokar kuɗi ta 2019 ta sa iyakar kashi 30 na riba kafin cire kuɗin ruwa da haraji da tsufan kadara, a kan bashin da kamfani ya karɓa daga wani mai alaƙa da shi a ƙasar waje.

10. Harajin da shi mai zuba jarin yake biya fa?

Miller ya dawo kan wannan a 1977. Ya ce abin da ya dami mai jari shi ne abin da ya shiga aljihunsa bayan duk haraji, na kamfani da nasa. In ana yi wa kuɗin ruwan da mutum ya karɓa haraji mai nauyi fiye da abin da ya samu ta hannun jari, masu bayar da bashi za su nemi ƙari don su rufe giɓin, kuma ƙarin zai cinye rarar. Gwada da naira 100 ta riba. In ta bi ta hannun jari, kamfani ya biya 30, mai jari bai biya komai ba, ya samu 70. In ta bi ta bashi, kamfani bai biya komai ba, mai bashi ya biya kashi 30, ya samu 70. A irin wannan hali an koma gidan jiya, tsarin jari bai canja komai ba duk da akwai haraji. A zahiri alƙaluman ba sa yin daidai haka, sai dai darasin lissafin shi ne haraji sau bashi shi ne ƙololuwar abin da za a iya samu, ba abin da aka saba samu ba.

11. Wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, ƙa'idar ta shafe shi?

Ƙa'idar ba ta magana kan halas da haram, wannan fagen malamai ne. Amma ƙashin bayan hujjarta ya wuce bashin banki. Duk inda aka yi wa wani alkawarin biya tsayayye kafin masu kamfani su taɓa komai, kamar kuɗin hayar inji na shekara da shekaru, abin da aka gani a tambaya ta 4 zai faru: masu kamfani sun sa kuɗi kaɗan, kasadar da ke kansu ta yi yawa. Inda kuwa mai kawo kuɗi ya shigo a kan a raba riba da asara, matsayinsa ya fi kusa da na mai hannun jari. Batun rarar haraji kuma ya rataya ne kacokan kan ko dokar ƙasar ta yarda a cire wannan biyan kafin a lissafa haraji.

12. Tunda sharuɗɗan ba sa cika a duniya, me zan yi da ƙa'idar a aikace?

Ka mai da ita abin tantance magana. Duk wanda ya ce maka sauya tsarin jari zai ƙara wa kamfani daraja, ka nemi ya nuna maka wanne cikin sharuɗɗan tambaya ta 2 ya karye, kuma kuɗin daga aljihun wa za su fito. In ya ce daga haraji, sai ku zauna ku duba ko kamfanin yana da ribar da ake yi wa haraji, da ko bashin zai daɗe. Bashin shekara uku ba ya ba da haraji sau bashi; rarar shekara uku kawai za a auna, wadda a misalinmu ba ta kai miliyan 4 ba, ba 15 ba. In ya ce bashi zai hana manajoji facaka da kuɗi, ko sayar da sababbin hannayen jari zai sa kasuwa ta zargi cewa manajoji sun san wani abu, kamar yadda Stewart Myers da Nicholas Majluf suka yi bayani a 1984, waɗannan hujjoji ne da za a iya tattaunawa. In kuwa iyakar abin da ya ce shi ne bashi ya fi arha, ka mayar da shi tambaya ta 4.

A takardar jarrabawa ko a ofis, kuskuren da aka fi yi guda biyu ne. Na farko, a ƙara bashi a lissafi a bar abin da masu hannun jari ke nema yadda yake. Alamarsa ita ce matsakaicin tsadar jari yana sauka ko da ka sa haraji sifiri, abin da ba zai yiwu ba. Na biyu, a ƙirga rarar haraji sau biyu: a auna kuɗin shiga da kashi 16.5, wanda ya riga ya ƙunshi rarar, sannan a sake ɗora miliyan 15 a kai. Wanda ya yi haka a misalinmu zai samu miliyan 100 maimakon 85, wato ya shafe kason gwamnati gaba ɗaya bai sani ba.